Buhu Nawa Na Tara?

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, bai taɓa yarda da naira ba. Da siminti yake lissafi. In ka ce masa ragon layya ya yi tsada bana, sai ya tambaye ka buhu nawa ke nan. Har sadakina da buhu ya auna shi, ya ce an yi wa ango sauƙi. Ba laifinsa ba ne. Tun yana saurayi yake tsaron sito a kamfanin wani Alhaji mai sayar da siminti da kwanon rufi a Jimeta, daga baya aka tura shi ya riƙe reshen Mubi. Shi ne kuma ya kama hannuna ya kai ni gaban Alhajin lokacin da na gama karatun akanta, aka ba ni tebur a wani ɗan ofis da ke bayan babban sito, inda ƙurar siminti ke shiga har cikin shayi.

Alhaji mutum ne mai tsantseni da haƙƙin mutane, kuma mai tsananin ƙwauro a kan duk abin da ba haƙƙi ba. Zai yi maka faɗa a kan biro, amma ba zai kwana da kuɗin ɗan dako a aljihu ba. A takardar ɗaukar aikin kowa ya sa an rubuta cewa wanda ya shekara goma yana aiki, ranar da zai tafi za a ba shi kuɗin sallama, abin da muke ce wa garatuti: albashinsa na wata na ƙarshe, sau adadin shekarun da ya yi. In ya rasu a ba magada. Mutum biyu ne kawai ba su da rabo, wanda aka kama da sata da wanda ya gudu ya bar bakin aiki.

Aikina na ƙarshen kowace shekara shi ne in zauna in lissafa wa kowa nasa, kamar gobe zai tafi. In ɗauki albashin mutum na yanzu in ninka da shekarunsa, in duba nawa ya ƙaru a kan na bara. Wannan ƙarin sai in cire shi daga ribar shekara a matsayin kuɗin da aka kashe, in rubuta shi a gefen basussukan kamfani, bashin da ma'aikata ke binmu. Har waɗanda ba su kai shekara goma ba nakan ware musu, don galibinsu za su kai. Ko sisi ba ya fita daga banki a ranar. Abin da ke faruwa kawai shi ne ribar da masu kamfani za su kwasa ta ragu, dukiyar ta zauna a cikin kasuwanci tana jiran masu ita. Ranar da wani ya tashi tafiya, sai a biya shi daga abin da aka riga aka ware, ribar wannan shekarar ko gezau ba za ta yi ba. Alhaji bai yi boko ba, amma ya fi wasu masu digiri son wannan tsari. Yakan ce mutum bai fara bin ka bashi ranar da zai tafi ba, tun ranar da ya fara ɗaukar maka buhu ya fara.

Akwai wata al'ada da ya kafa. Idan an rufe lissafin shekara, kowane ma'aikaci zai shigo ofishina in gaya masa abin da ya tara. Kawu kan taso daga Mubi musamman don wannan rana. Zai zauna a kan benci, ya cire hula ya ɗora a gwiwa, ya ce, "To, Akanta, buhu nawa na tara?"

Sai in faɗi kuɗin, shi kuma ya rufe ido ya mayar da su siminti. Yana da zanen gida a kansa, ɗaki huɗu da zaure, a wani fili da yake hange can bayan unguwar Wuro Hausa a Yola, kusa da gidan mahaifiyata. Kowace shekara ginin na ƙara tashi a bakinsa. "Bana mun kai linta," in ji shi wata shekara. Shekarar ƙarshe da ya zauna a bencin nan, bayan shekara ashirin da huɗu yana aiki, ya buɗe ido ya ce, "Kusan ɗari biyar. Saura kaɗan in zo in zauna kusa da Adda in dame ta." Adda ita ce mahaifiyata, haka ake ce wa yaya mace a wajenmu, mu ma muka tashi muna kiranta haka.

Kafin nan Alhaji ya rasu, ya bar kamfanin ga 'ya'yansa biyu maza. Babban, wanda kowa ke ce wa Hamma, mutum ne mai sanyi, yana Yola Gari da gonarsa da shanunsa, ba ya zuwa sai ranar rabon riba. Ƙaramin shi ya hau kujerar uban, ya ce a riƙa kiransa Manaja. Ya sa aka rubuta masa kamasho a kan ribar kowace shekara, ban da kasonsa na gado. Tun daga shekarar farko ya tsani wannan layi na lissafina. Zai sa yatsa a kai ya ce, "Madam Akanta, wa ya tafi?"

"Ba wanda ya tafi, Manaja."

"To wa kika biya?"

"Ban biya kowa ba. Na ware ne."

"Kin ware a ina? Nuna mini kuɗin."

In nuna masa sito da motoci ta taga, in ce ga su can. Sai ya yi tsaki ya ce ina cinye masa riba a kan mutanen da ke zaune lafiya suna shan shayi.

Sai shekarar da masu tayar da ƙayar baya suka shiga Mubi. Wanda ya zauna a Jimeta lokacin ba sai an ba shi labari ba. Tashoshin mota sun cika da mutane da ƙullin kaya, kowane gida ya zama gida uku. Mu namu makonni muka yi ba labarin Kawu, wayarsa a kashe, Adda ta daina cin abinci. Ashe da ƙafa ya fita da iyalinsa, suka bi duwatsu suka faɗa Kamaru, daga can aka zagayo da su. Ranar da ya iso Wuro Hausa ban gane shi ba sai da ya yi magana. Ƙafafunsa sun kumbura sun tsage. Bai fito da komai ba sai rigar jikinsa da makullan sito, ya ɗaure su da tsumma a ƙugu.

Da ya ɗan iya takawa, ya ce in raka shi ya kai wa Manaja makullai. Na ce ya bari ya warke, ya ce amana ba ta jiran ƙafa. Muka hau keke mai ƙafa uku muka je.

Manaja bai ce masa sannu ba. Ya dubi makullan a kan tebur ya ce, "Na me? Sito an fasa, an kwashe. Kai kana ina?"

"Ranka ya daɗe, gudu muka yi. Kowa ya gudu."

"Ka gudu. Da bakinka ka faɗa." Ya juyo wurina. "Madam, kin ji ko? Ya gudu ya bar bakin aiki. Ba izini, ba waya."

Kawu ya yi murmushi, yana zaton wasa ne. Ni na san ba wasa ba ne, don na ga inda idon Manaja ya tafi. Shekarar ta zo da asara, kayan Mubi sun salwanta, banki na jiran lissafinmu kafin ya sabunta mana bashi. Shi kuma ya gano wani abu da ban so ya gano ba: idan ma'aikaci ya rasa haƙƙinsa na sallama, abin da aka ware masa duk shekarun nan ba bashi ba ne kuma, sai a mayar da shi cikin riba. Shekara ashirin da huɗu na Kawu, a dunƙule, su ne suka cike ɗan giɓin da ya rage tsakanin asara da riba.

Na yi magana. Na ce wannan sharaɗi an sa shi ne don wanda ya tsere da son ransa, ba don wanda aka koro da bindiga ba. Na je har Yola Gari na sami Hamma, ya saurare ni yana jan carbi, ya ce, "Adda Akanta, sai haƙuri, kin san halin yaron nan." Da ranar rabo ta zo ya karɓi kasonsa bai tambayi daga ina ya fito ba. Wannan ma ban manta ba. Na ce wa Kawu mu je kotun ma'aikata, ya ce ba zai tsaya gaban alƙali da ɗan Alhaji ba, ya ci abincin gidansu. Na yi kuka don haushi, na ce masa ai su ma sun ci naka, ɗaki huɗu da zaure.

Aka ba shi takardar kora da kalmar nan a ciki, ya gudu daga bakin aiki. Kuɗin sun yi masa ciwo, amma kalmar ta fi. Da aka sami lafiya mutane suka fara komawa Mubi, ya nemi aikin sito a wurare biyu a Jimeta, duka suka tambayi Manaja, duka suka ce za su neme shi. Ya ƙare a ɗakin zauren Adda shi da matarsa, yaran suka rarrabu a gidajen dangi. Ya kafa ɗan tebur a ƙofar gida yana sayar da ashana da omo da sukari ƙulli-ƙulli. Bai sake tambayar kowa farashin siminti ba.

Mutane sun yi ta mamakin yadda ban ajiye aikin ba. Har mijina ya ce zuciyata ta mutu. Albashina ne ke ciyar da gidan Adda, wannan gaskiya ne, kuma shi nake faɗa wa mutane. Amma akwai dalili na biyu. Na san wani abu game da wannan bashi da Manaja ya ƙi ya sani, kuma na ƙudura a raina ina nan zaune ranar da zai sani.

Tunda ya ɗanɗana ya ji daɗi, shekara mai zuwa sai ya ce a mayar da na kowa da kowa cikin riba, a kuma daina warewa gaba ɗaya. Wanda ya tashi tafiya a lokacin a san yadda za a yi da shi. Na ce ba zan sa hannu ba. Oditan da ke duba mana lissafi tun zamanin Alhaji shi ma ya ƙi, sai aka sallame shi aka kawo wani mai sauƙin kai. Ribar shekarar ta yi tsalle, kamasho ya yi tsalle, Manaja ya sayi jibgegiyar mota baƙa wadda ba ta iya juyawa a harabar sito sai an matsar da buhuna. Ma'aikata suna ta yi masa Allah ya sanya alheri, ba su san a cikin tsufansu yake zaune ba.

Abin da ya kasa shiga kansa shi ne, goge bashi daga littafi ba ya goge shi daga wuyan mutum. Haƙƙin ma'aikata a takardunsu na ɗaukar aiki yake, ba a lissafina ba. Lissafina tuni ne kawai. Saboda haka duk ƙarshen shekara na ci gaba da yin abina, in ninka albashin kowa da shekarunsa, in buga a takarda in kai masa ofis a gaban mutane. Ba a ɓoye nake yi ba. Shi kuma ya ture ta gefe ya ce, "Madam, kin fara wa'azin naki?" Wani lokacin ya goge hannu da ita bayan ya ci tsire. Nakan ce masa na gode, in fita. Na lura da cewa duk lokacin da na yi maganar a gaban jama'a ya fi taurin kai, sai na daina yi masa ita a keɓe.

Haka muka yi shekaru, har Hamma ya gaji, ko matansa suka gaji, aka ce a raba kamfani kowa ya kama nasa. An yi zaman a gidan marigayi Alhaji a Yola Gari, da baffansu da limamin unguwa da sabon odita, ni kuma aka kira ni da takardu. Kaso biyu ne. Ɗaya babban siton Jimeta da tireloli da tsofaffin ma'aikata. Ɗayan wani ƙaramin sito da aka buɗe daga baya a hanyar Numan, ma'aikatansa duk yara ne sababbi, haɗe da gona. Tunda na Jimeta ya fi daraja a takarda, wanda ya ɗauke shi zai cika wa ɗan'uwansa bambanci da tsabar kuɗi. Kowa kuma zai tafi da ma'aikatansa da shekarun da suka riga suka yi. Manaja ko numfashi bai ja ba ya ce Jimeta.

Liman ya tambaya ko akwai mai magana kafin a rubuta. Na gyara mayafi na ce akwai. Na ce siton Jimeta yana ɗauke da bashin sallamar ma'aikata wanda ba ya cikin wannan lissafi, na faɗi adadinsa a fili. Na ce in an sa shi, darajar Jimeta za ta ragu da wannan adadi, abin da Manaja zai cika wa Hamma ma zai ragu sosai.

Jama'a, taimakonsa nake yi. Duk wanda ke wurin shaida ne. Amma na san ba zai iya karɓa ba. In ya yarda akwai bashin, ya yarda ke nan ribar da ya yi ta nunawa duk shekarun nan kumbura ce, kamashon da ya ci a kanta sai an zauna an sake lissafi, ga baffansa zaune yana kallonsa. Kuma daga bakin wa? Daga bakin 'yar'uwar mutumin da ya kora.

Ya ce, "Baffa, ku ƙyale wannan mata. Shekara da shekaru tana wannan waƙa. Tsarin nan na soke shi tuntuni, babu wani bashi."

Liman ya ce, "Ka ɗauki Jimeta da abin da ke cikinta, na fili da na ɓoye?"

"Na ɗauka."

Aka rubuta, ya sa hannu, aka shafa fatiha. Ya cika wa Hamma kuɗinsa cif. A keke a hanyar komawa na kama kaina ina murmushi, har mai keken ya leƙo ta madubi ya ce, "Hajiya, an yi haihuwa ne?" Na ce masa saura kaɗan.

Bayan rabon ba da daɗewa ba aka cire tallafin mai, rayuwa ta yi tsada, kuɗin keke daga Yola Gari zuwa Jimeta ya fi ƙarfin ma'aikaci. Dole kowa ya ƙara wa mutanensa wani abu. Hamma ya ƙara wa nasa alawus ɗin mota. Da labari ya zo wa Manaja, sai ya tara mu a harabar sito ya ce shi ba ya wasan yara, albashi zai ninka. Aka yi ta tafi. Na bi shi har bakin motarsa, direbobi na tsaye, na ce, "Manaja, a albashi za a sa ko a alawus? Kuɗin sallama da albashi ake lissafa shi, ba da alawus ba. In ka ninka albashi, ka ninka na duk shekarun baya."

Ya ce, "A albashi. Kuma kada ki sake yi mini maganar sallama."

Na faɗa sau ɗaya, yadda aikina ya ɗora mini. Ban maimaita ba. Na koma ofis na buga sabon albashi da hannuna, kuma rabon da in ji daɗin buga takarda haka tun Alhaji na da rai. Ma'aikatan sun cancanci ƙarin, ko ba komai. Sai dai ni na san a wannan yammacin bashin da ya ce babu ya zama biyu.

Sauran aikin shekaru ne suka yi shi. Alhaji ya ɗebi mutanensa na farko kusan lokaci ɗaya, lokacin da ya buɗe siton Jimeta, saboda haka tare suka tsufa. Babban direbanmu ne ya fara shigowa ofishina, idonsa ya fara ba shi matsala, ya zauna a bencin Kawu ya ce, "Madam, wannan abu da Alhaji yake sa ki gaya mana, har yanzu yana nan?" Na ce yana nan, na gaya masa nasa. Ya ce in sake faɗa. Na sake. Washegari ya ba da notis.

Manaja ya ce masa an soke tsarin. Direba ba Kawu ba ne, bai ci abincin gidan kowa ba. Ya ɗauki takardarsa ta ɗaukar aiki ya kai wa lauya. Manaja ma ya je wurin nasa lauyan, ya dawo fuska a murtuke, don an gaya masa abin da na shekara goma ina gaya masa kyauta: ba a soke alkawarin da aka rubuta wa ma'aikaci ta hanyar daina lissafa shi. Ya biya kafin a kai kotu. Da sauran suka ga kuɗi sun shiga hannun direba, sai bencin ofishina ya daina hutawa. Mai tsaron sito, mai karɓar kuɗi, direba na biyu, maigadi, har su shida a cikin shekara guda. Ban ce wa kowa ya tafi ba. Wanda ya tambaye ni nasa na gaya masa, da murya mai daɗi.

Da an bar abin yadda Alhaji ya tsara, da dukiyar na nan a cikin kasuwanci. Amma an riga an rabe ta a matsayin riba, an ci kamasho, an sayi mota, an cika wa Hamma. Sai ya zama daga jarin da ake juyawa za a biya. Ya sayar da tirela ɗaya, ya sayar da ta biyu. Kuɗin saro siminti suka ragu, sito ya fara amsa kuwwa, 'yan kasuwa suka koma hanyar Numan wurin Hamma. Ranar da dillali ya zo ya tafi da baƙar motar, na fito bakin ƙofa na tsaya na kalle ta har ta sha kwana. Ta juya a harabar ba tare da an matsar da ko buhu ɗaya ba.

Sai da na tabbatar na shidan ya karɓi nasa, sannan na kai masa tawa takardar. Nawa ya fi na kowa, don albashina ya fi, shekaruna kuma sun haura ashirin. Ya karanta, ya ɗago, a karo na farko bai ce mini Madam ba.

"Adda, ki rufa mini asiri. In na biya wannan a dunƙule, na rufe sito."

Na ce masa maganar ba ta ofis ba ce, ya same ni a gidan mahaifiyata a Wuro Hausa ranar Asabar da hantsi. Ya zo a keke. Dole ya wuce ta gaban teburin Kawu kafin ya shiga zaure, kuma a ɗakin zauren na sa aka shimfiɗa masa tabarma, ya zauna yana kallon katifar da tsohon ya shekara goma yana kwana a kai. Ban ba shi ruwa ba. Adda ce ta aiko da shi daga ciki, don ita tana da kirki.

Na ce zan karɓi nawa kashi-kashi, wata-wata, amma da sharaɗi biyu. Ya biya Kawu nasa tukuna, a dunƙule. Sannan ya tara ma'aikata da maƙwabtan sito, a harabar da ya karɓi makullai, ya faɗa da bakinsa cewa mutumin nan bai gudu daga aiki ba, ya kuma ba shi takardar ritaya a madadin waccan. Ya ce na biyun ba za a bar shi a rubuce kawai ba? Na ce a'a.

Ya yi. 'Yan dako na kallonsa, ya ce kuskure aka yi, bawan Allah nan amintacce ne. Kawu na tsaye da farar riga da na saya masa, ya sunkuyar da kai kamar shi ne mai laifin. Ni kuwa kaina a sama yake, kuma ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗi har cikin ƙashina.

Ni na lissafa kuɗin Kawu. Na so in sami hanyar da zan kumbura su, na juya na juya, babu. Ƙa'ida ta ce albashin wata na ƙarshe, albashinsa na ƙarshe kuwa na shekarar gudun Mubi ne, sau ashirin da huɗu. Na nemi a ƙara masa wani abu saboda jinkiri, Kawu ya ce ba zai karɓi abin da ya yi kama da kuɗin ruwa ba, haƙƙinsa kawai yake so. Adadin da na faɗa masa a bencin nan shekara goma da suka wuce, shi ɗin ne ya shigo wayarsa, ko naira ba ta ƙaru ba.

Muna zaune a ƙofar gida da la'asar saƙon banki ya shigo. Ya miƙo mini wayar na karanta masa. Ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Sai ya yi tambayar da rabonsa da ita tun kafin ya zama mai sayar da ashana.

"Akanta, nawa ne buhu yanzu?"

Na gaya masa. Ya rufe ido, leɓɓansa na motsi. Ya daɗe bai buɗe ba.

"Ɗari," ya ce. "Da 'yan kai."

Filin da yake hange an daɗe da gine shi, wani ma'aikacin banki ne a ciki. Adda ta ba shi wani lungu a bayan gidanta inda muke ɗaure awaki. Bayan an sayi bulo da yashi da kwano an biya magina, ɗaki ɗaya ya fita, ba filasta. Ya ce Alhamdulillahi, ya shiga da katifarsa. Ya ce mini in yafe wa yaron nan Manaja, ya ga abin da ya gani.

Na ce masa to, don ba a musu da Kawu. Amma Manaja ya roƙe ni in ba shi lambar asusu ya riƙa turo mini kasona ta waya, na ƙi. Duk ƙarshen wata nakan yi wanka in sa mayafina mai kyau, in hau keke zuwa Jimeta da hantsi, lokacin da sito ya fi mutane. In zauna a bencin nan in jira ya ƙirgo da hannunsa, in sake ƙirgawa a gabansa a hankali. Daga nan in tsallaka hanyar Numan wurin Hamma in sayi siminti buhu biyu, in sa a keke a kai bayan gidan Adda. Mun gama filasta, yanzu muna harsashin ɗaki na biyu. Kawu ya ce ba lallai ya ga an rufa shi ba, na ce masa ya yi mini shiru ya riƙe wa magini tiyo.